Kafin ka sayi esi ko firiji, duba irin gas ɗin da ke ciki

Mai shago zai nuna maka takardar da ke jikin kwali ya ce wannan esi ba ya ɓata lemar ozon. Gaskiya ya faɗa, amma bai gama ba, domin matsala biyu ce ake haɗawa wuri guda: lalacewar lemar ozon da ɗumamar yanayi.

Lemar ozon tana can sama, kilomita 15 zuwa 35, tana tare hasken rana mai ƙona fata da lalata ido. Sinadarin kulorin da ke cikin tsofaffin gas ne ke cinye ta. Ɗumamar yanayi kuwa hanyarta daban. Rana tana gasa ƙasa, ƙasa ta mayar da zafin sama, sai iskar kabon da ire-irenta su riƙe wani kaso kamar bargo. Ba don wannan ba da matsakaicin zafin duniya ya faɗi ƙasa da sifili da digiri 18. Ƙaruwar kaurin bargon ce ta zama damuwa.

To, leƙa ƙaramin allon da ke gefen injin waje, inda aka rubuta sunan gas. R-22, wanda ya cika cikin esi na gwanjo, yana da kulorin, kuma yana riƙe zafi ninki 1,810 na iskar kabon, wato laifinsa biyu. A ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla don kare lemar ozon, ana janye shi, ƙasashe masu tasowa za su kusan daina shigo da shi a 2030, don haka arahar yau za ta iya komawa tsada ranar ɗuri. R-410A ba ya taɓa ozon ko kaɗan, amma a riƙe zafi ya fi R-22 muni: ninki 2,088. Esi mai ɗaukar kilo ɗaya, idan ya tsiyaye duka, daidai yake da sakin tan 2 na iskar kabon. Irinsa ne gyaran da aka yi wa yarjejeniyar a Kigali a 2016 ya zo ragewa. Ni R-32 nake ba da shawara: ozon lafiya, ninkinsa 675, kuma kaɗan ake ɗurawa. Sai dai yana iya kama wuta, a nemi mai gyaran da ya san shi.

A firiji zaɓin ya fi sauƙi. R-600a ninkinsa kusan 3 ne, R-134a kuwa 1,430. Amma R-600a ɗan uwan gas ɗin girki ne, kada a riƙa ɓamɓare ƙanƙara da wuƙa, don kada a huda bututu gas ya zuba ya kama wuta.

Bayan an kafa esi, idan ka ga maiƙo a mahaɗar bututu, ko ƙanƙara ta lulluɓe siririn bututun, yawanci gas ne ke zuba. A toshe ɓular kafin a ƙara, kuma kada ka yarda a ɗura R-410A a injin R-22, domin matsinsu da man kwampresonsu ba ɗaya ba ne.