Godiya ga telan babbar riga na Tudun Wada, da shawara ga masu neman ɗinki

Akwai wani tela mai ɗan ƙaramin shago a Tudun Wadan Zariya da ya cancanci a gode masa a bainar jama'a. Malam, Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara wa hannu albarka. Yadi goma na shadda aka kai masa, ya fitar da babbar riga da 'yar ciki da wando, kuma aikin ya fito yadda ake so.

Tun daga yanka ake gane gwani. Kafin ya sa almakashi, sai ya shimfiɗa shaddar gaba ɗaya ya duba inda zanenta ya fuskanta, don kada furen gaba ya kalli sama, na hannu ya kalli ƙasa. Wannan kuskure ba ya gyaruwa, kuma da rana ta haska rigar kowa zai gani. Babbar rigar yake fara fitarwa, tunda ita ce mai cin yadi, sannan sauran su biyo baya. Awonsa ma cikakke ne: tsawo daga kafaɗa, faɗi kuma daga wuyan hannu zuwa wuyan hannu, mutum ya miƙe hannuwansa.

Inda ya fi burge ni shi ne wurin aikin wuya da aljihu. Sau da yawa za ka ga riga ta yi kyau ranar karɓa, amma wanki ɗaya sai ƙirjin ya tattare. Dalili kuwa, an ja zaren ya yi tsauri, ko an yi aikin a kan shadda falle ɗaya ba shafi mai riƙe ta. Shi yana sa shafi a ƙarƙashin duk inda allura za ta bi. Ka juya rigar ka duba cikinta: babu zare mai reto, babu ƙulli. An wanke wannan, an kai ta bugu, aikin yana nan kwance lafiyayye. Zaren ma sai da ya jiƙa shi ya goga a farin ƙyalle, ya tabbatar ba ya zuba, domin zare mai zuba yakan ɓata farar shadda har abada.

Wanda zai je, ya faɗa masa tun farko ko aikin keke yake so ko na hannu. Na keke kwanaki ne. Na hannu irin aska takwas, wanda aka san Birnin Zariya da shi, yakan ɗauki makonni, kuɗinsa ma daban ne. Ana ba da rabin kuɗi kafin alƙalami, ya rubuta ranar karɓa, kuma ya cika alkawari. Sai dai ba ya karɓar ɗinkin Sallah idan azumi ya yi nisa, don haka a kai masa yadi tun cikin Sha'aban.