Gargaɗi ga masu shaguna a Jos: masu sa kyamarar tsaro ta bogi

Jama'a, 'yan kasuwa na Terminus, Bauchi Road da Farin Gada, a yi hattara. Akwai wasu samari da ke bin shaguna da kwalaye a hannu, suna tallan kyamara huɗu da rikoda a farashin da bai kai rabin na kasuwa ba. A jikin kwalin an rubuta 4K, su kuma suna rantsuwa cewa tana gani cikin dare kuma tana ajiye hoton wata guda. Da rana tsaka suke haɗawa, su nuna maka shagonka tar a wayarka, su karɓi kuɗinsu cif, shi ke nan lambar wayarsu ta daina shiga.

Wani maƙwabcinmu mai sayar da kayan masarufi haka suka yi masa. Ɓarayi suka fasa shagon cikin dare, da safe muka taru a gaban talabijin don mu ga fuskokinsu. Kyamara biyu baƙi ƙirin, sauran biyun kuma sai inuwar mutum ke wucewa. Bawan Allah nan ya zauna ya dafe kai, wallahi har yau abin na ci mini rai.

Da muka kira mai gyara na gaskiya, abin da ya fara nuna mana shi ne hoton da kake gani kai tsaye daban, wanda rikoda ke naɗa daban. 4K na gaskiya 3840x2160 ne, wato megafiksel 8. A saitin rikodar maƙwabcinmu 1080N aka rubuta, ma'anarsa 960x1080, rabin cikakken 1080p ke nan wanda yake 1920x1080. Ƙaramin shago ba ya ma buƙatar 4K. Kyamara mai megafiksel 2 ta gaskiya, in an saita ta tana kallon ƙofa daga mita uku ko huɗu, kuma ba a kafa ta can ƙololuwar rufi ba, za ta fitar da fuska sarai. Don haka ka sa mai haɗawa ya buɗe Playback, wato wurin kallon abin da aka naɗa, a gabanka, ka tsayar da hoton, ka ƙara girmansa, ka ga ko za ka gane yaron shagonka.

Maganar baƙin hoto da dare kuwa, laifin wuta ne. Kyamarorin nan da bolt 12 suke aiki. Da rana kaɗan suke ja, amma da duhu ya yi fitilun infared suka kunna, kowace takan ja kusan rabin amfiya, wasu ma fiye. Mutanen nan adafta guda suka raba wa duka huɗun, an rubuta 12V 2A a jikinta alhali ko hakan ba ta bayarwa, sannan wayar ba jan ƙarfe ba ce zalla, alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe. Kyamarorin da suka fi nisa sai su mutu daidai lokacin da ake buƙatarsu. Ga kyamara huɗu ka nemi akwatin wuta mai 12V 5A, rikoda kuma da tata adaftar. Ka kankare bakin wayar da reza, in ka ga fari a ciki ka ce a canja. Kuma in babu batir da inbata, ana ɗauke wuta komai ya tsaya, ɓarawo kuwa ya san haka.

Sai alkawarin wata guda. Kyamara ɗaya mai naɗa 1080p a kan megabit 2 cikin daƙiƙa tana cin kusan gigabait 21 da rabi a yini da kwana, huɗu kuwa wajen 86. Faifan ajiyar hoto, wato HDD, da muka tarar a rikodar gigabait 500 ne, tsohon na kwamfuta, wanda ko kwana 6 ba zai riƙe ba kafin sabon hoto ya goge tsoho. Wata guda na son kusan terabait 3, sai dai in an saita naɗi ya riƙa tashi idan an yi motsi kawai. A sa a buɗe murfin ka ga faifan da idonka. WD Purple da Seagate SkyHawk su ne irin waɗanda aka ƙera don aikin dare da rana. A rikoda da yawa, shafin S.M.A.R.T. ƙarƙashin HDD yana nuna awoyin da faifan ya yi yana aiki. In ka ga dubbai, gwanjo aka sa maka.

Don Allah kada ka biya kuɗi duka ranar da aka haɗa. Ka riƙe rabi, a bar kayan su kwana, da safe ka duba abin da kowace kyamara ta naɗa tsakanin ƙarfe 1 da 4 na dare. Ka karɓi rasit mai adireshin shagon da za ka iya takawa ka je, ka kuma canja kalmar sirrin rikodar da hannunka. Wanda ya ce maka "Alhaji, sauri nake yi, ina da wani aiki a Bukuru" ya ƙi yarda da gwajin kwana ɗaya, ka ce ya kwance kayansa.