Tambaya da amsa a jikin talla ko amsar WhatsApp: wanne ya fi rage saƙonni?

“Salamu alaikum 'yan uwa. Ina sayar da wayoyi na hannu a Aboabo cikin Kumasi, ina saka su a Jiji da Facebook Marketplace. Kullum tambaya ɗaya ake maimaita min: nawa ne na ƙarshe, batirin fa, ana musaya, ina kake. In rubuta tambayoyi da amsoshi a ƙasan tallan ne, ko in saita amsa ta kai-tsaye a WhatsApp Business? Wanne ya fi?”

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Rubuta su a jikin tallan. Na WhatsApp ɗin ka bar shi ya zama mataimaki.

Bambancin yana wajen lokacin da kowanne yake aiki. Amsar WhatsApp ba ta motsi sai mutum ya riga ya ɗauki lambarka ya turo saƙo, wato wayarka ta riga ta yi ƙara, ka riga ka ɗago kai daga cinikin da ke gabanka. Abin da ta rage maka bugun haruffa ne kawai. Wanda kuma ya yi maka magana ta akwatin saƙon Jiji ko ta Messenger, ita ba ta ma san da shi ba. Tambaya da amsa a jikin talla kuwa tana tare mutum tun bai taɓa ka ba. Mai neman musaya ya karanta cewa ba ka yi, ya wuce abinsa. Wanda ke Tamale ya ga yadda kake aika kaya, in ya zo maka sai ya zo da maganar biya.

In za a yi wa WhatsApp Business adalci, `Quick replies` ɗinsa yana da amfani: ka buga / sai jerin amsoshin da ka ajiye su fito, ka zaɓa ka tura. Ya dace da kwatancen shago da sunan MoMo. Shi kuwa `Greeting message` saƙo ɗaya ne ga kowa, yana zuwa ga wanda ya fara yi maka magana ko wanda ya kwana 14 bai yi ba, kuma bai san wace waya ake tambaya a kai ba. Iyakarsa ke nan.

Yanzu ga yadda ake haɗa na jikin tallan, don yawancin masu cewa sun gwada bai yi aiki ba, tambayoyin da suka rubuta daga kansu suka ƙirƙiro su. Kada ka zauna kana tunanin me mai saye zai so ya sani. Buɗe hirarraki 30 na baya-bayan nan, ka ɗauki takarda da biro, duk tambayar da ka gani ka ja mata layi ɗaya, in ta sake fitowa ka ƙara layi. Wadda ta fito sau biyar ko fiye ta shiga talla. Wadda ta fito sau ɗaya ko biyu ka bar ta a hira. Za ka ƙare da tambayoyi biyar ko shida, kuma kada ka wuce haka. Mutum a cikin motar torotoro yake dubawa da babban yatsa, in ya ga rubutu ya cika fuskar waya ba zai karanta ba, zai tsallake ya danna maɓallin saƙo.

Mu ɗauka iPhone 11 ce mai 128GB, ka sa mata sidi 2,600 (misali ne, ka san kasuwarka). Bayan layi biyu na bayanin wayar, sai wannan ya biyo:

Tana nan? Tana nan muddin tallan yana nan. Ranar da ta fita nake cire shi.
Nawa ne na ƙarshe? 2,450 ga wanda ya zo da kansa.
Batiri fa? 84%, ba a taɓa canja shi ba. Duba hoto na huɗu.
An taɓa buɗe ta? An canja gilashin fuska sau ɗaya. Face ID yana aiki, babu iCloud ɗin kowa a kai, tana ɗaukar MTN da Telecel da AT.
Ana musaya? Da iPhone kawai, daga XR zuwa sama, sai na gan ta a hannu kafin in faɗi cikon.
Ina kake, kana aikawa? Aboabo, ƙarfe 9 na safe zuwa 6 na yamma, ban da lokacin sallar Juma'a. Cikin Kumasi mai babur ya kawo, ka duba ka biya. Wajen gari ta motar VIP daga Asafo, kuɗin mota naka ne.

A Jiji ka sa shi da Turanci mai sauƙi tunda da shi akasarin masu dubawa suke karatu, na Hausa kuma ka ajiye don sitatus da mutanen Zango.

Lura da cewa kowace amsa tana ɗauke da lamba, ko e, ko a'a. Nan ne asirin. In ka rubuta “batiri lafiya lau”, ba ka amsa komai ba, za a turo maka “kashi nawa?” In ka rubuta “farashi mai sauƙi, a kira ni”, kai da kanka ka gayyato saƙon. Duk amsar da za ta iya haifar da wata tambaya, ba ta gama aikinta ba, ka sake ta.

Maganar farashin ƙarshe ita ce ake gardama a kai. Wasu suna tsoron in sun rubuta, mai saye zai fara tayi daga nan ya yi ƙasa. Hakan yana faruwa, mutanenmu ba sa jin sun saya sai sun taya. Amma akwai hanya biyu da ke aiki, ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kanta. Ko dai ka rubuta na ƙarshen na gaskiya ka ɗaure shi da sharaɗi, kamar “ga wanda ya zo da kansa”, ko ka ce “ragi ba ya wuce sidi 150”. Abin da ba ya aiki shi ne ka rubuta ba ragi alhali a saitin tallan ka zaɓi cewa ana tayi, ko ka rubuta na ƙarshe sannan mutum ya matsa ka sauka ƙasa da shi. Wanda ka yi wa haka zai gaya wa abokinsa, shi kuma ba zai ƙara yarda da rubutunka ba.

Hoto ma yana ɗauke wa rubutu rabin nauyi. Duk abin da za a iya gani a fuskar wayar, ɗauke shi ka nuna lambar hoton a cikin amsar: shafin `Battery Health`, da shafin `About` inda ake ganin `No SIM restrictions`, da wurin da yake nuna `Unknown Part` in an sa gilashi ko batirin da ba na kamfani ba. In batirin ya sauka ƙasa da 80% wayar da kanta za ta nuna yana bukatar gyara, to faɗi tun a talla ka rage kuɗi. Ɓoye shi ba ya hana a gani, sai dai a gani a gabanka a shago bayan mutum ya biya kuɗin mota daga Tafo ko Kwadaso, a yi ta cacar baki.

Sai dai kada ka mayar da tambayoyin kansu hoto ka bar wurin bayani fanko. Rubutun da ke cikin hoto ƙanana ne a waya, kuma ranar da farashi ya canja sai ka sake haɗa hoton gaba ɗaya.

Abubuwan da ke lalata shi guda uku ne da aka fi gani. Na farko kwafe: ka ɗauko amsoshin wata waya ka liƙa wa wata, 84% ya bi wayar da batirinta 77% ne. Mafita ita ce ka raba su gida biyu a cikin abin rubutun wayarka. Wuri, lokaci, aikawa da musaya ba sa canjawa, su ake kwafa. Farashi, batiri da tarihin gyara kuwa da wayar a hannunka za ka rubuta su, kowane karo. Na biyu wurin da ka sa shi. Facebook yana yanke dogon bayani ya bar `See more`, kuma ba kowa ke dannawa ba, don haka farashin ƙarshe da unguwa su hau layukan farko, gaisuwa da kirarin kaya su koma ƙasa ko a share su. Na uku harshe. “Ban da 'yan wasa”, “in ba ka da kuɗi kada ka kira”, da manyan baƙaƙe. Irin wannan yana rage saƙo, gaskiya ne, amma har da mai kuɗin yake kora.

Akwai kuma wanda ba zai taɓa ƙarewa ba. A Marketplace, `Is this available?` rubutacce ne a ajiye, dannawa ɗaya ake yi, wani ma bisa kuskure. Kada ka ɓata rai a kansa, ka amsa da layi ɗaya: “Tana nan, farashi da wuri suna cikin bayani, yaushe za ka zo?” Wanda ya amsa wannan shi ne naka.

In kana son sanin ko ya yi aiki, kada ka ƙirga saƙonni kaɗai. Bayan mako biyu ka sake ɗaukar takardar nan ka ja layuka. Tambayar da har yanzu take dawowa, amsarta ce ba ta fito sarai ba ko tana can ƙasa. In saƙonni sun ragu ciniki yana nan yadda yake, ka ci riba. In duka biyun suka faɗi tare, wata amsa tana korar mutane, kuma sau da yawa ta wajen biya ce, musamman in ka rubuta sai an turo kuɗi kafin a ga kaya.

Ba ka tambaya ba amma zan faɗa. Talla mai tsabta irin wannan shi ɓarayin intanet suka fi so. Su kwashe hotunanka da amsoshinka kaf, su sa rabin farashi, su canja layi ɗaya ya koma “turo kafin alƙalami ta MoMo a ajiye maka”. Wanda aka cuta kuma unguwarka zai nufo, tunda ita ce a rubuce. Saboda haka ka sa hoto ɗaya da wayar take kan takarda mai sunan shagonka da kwanan wata da rubutun hannu, sannan ka ƙara layi na ƙarshe: “Ba na karɓar ko pesuwa ɗaya kafin ka riƙe wayar a cikin Kumasi.” Masu saye a cikinmu kuma, duk tallan da amsoshinsa suka cika da “ba a dawo da kaya” amma babu kashin batiri, babu maganar iCloud, ku buga *#06# a gaban mai ita ku gwada IMEI da na cikin `About`, ku sa layinku ku yi kira kafin ku fito da kuɗi. Kai ma in an ce an turo maka, kada ka dogara da saƙon da aka nuna maka a wayar wani, buga *170# in MTN ne ka ga kuɗin a asusunka kafin mai babur ya tashi.