Tarihin Lantana a Bakin Marubuciya da a Bakin Kishiya

"Assalamu alaikum malamaina marubutan Gusau. A littafin da nake rubutawa akwai Lantana, wadda ta bar gidan mijinta a Ƙauran Namoda, ta bar ɗanta Sani. Ina tunanin in sa kishiyarta, Inna Dije, ta ba da labarin duka, alhali ba ta faɗin gaskiya tsantsa. Me zai bambanta a wurin mai karatu idan ita ta faɗa, maimakon ni in faɗa da kaina?"

Wa alaikumus salam, Malama. Bari mu ɗauki aukuwa ɗaya, wato daren da Lantana ta fita, mu rubuta ta ta hanyoyin biyu.

A hanya ta farko kina bayan fage, kina cewa: Lantana ta bar gidan a 1996, Sani yana da shekara huɗu, bayan maigida ya sake ta saki na uku, dangin uba kuma suka hana ta tafiya da yaron. Mai karatu zai karɓi wannan kamar yadda ake karɓar hukuncin da alƙali ya riga ya yanke. Ba zai tambayi inda kika samo labarin ba, domin yarjejeniyar da ke tsakaninsa da marubucin da ke bayan fage ita ce duk abin da ya faɗa haka ya faru. Tun daga wannan shafi Lantana ta zama abar tausayi, kuma duk abin da ta yi daga baya da wannan ido za a dube shi.

A hanya ta biyu Inna Dije ce a cikin fage, tana cewa: "Shekarar da aka ba mu jihar Zamfara ta tsallake ta tafi, ta bar mini jariri yana tsakar shan nono. An ce wani direba ne ya hure mata kunne. Ni dai ban taɓa ce mata ko kanzil ba." Nan tarihin ya tashi daga matsayin hukunci ya koma shaida, kuma shaidar wadda take da ruwa da tsaki a cikin shari'ar. Sai dai mai karatu ba ya gane haka da farko. Yana gaskata ta, saboda muryarta kaɗai yake ji, kuma tsohuwa ce mai salati da ambaton Allah, wadda ta raini ɗan da ba ita ta haifa ba. Zai tsani Lantana na tsawon babi biyar ko shida, kuma wannan tsanar ita ce jarinki, domin ranar da gaskiya ta fara leƙowa zai ji nauyin cewa shi ma ya yanke wa baiwar Allah hukunci bai ji ta bakinta ba. Hanya ta farko ba za ta taɓa ba ki wannan ba.

Wani manazarcin adabi Ba'amurke, Wayne Booth, shi ya raɗa wa irin wannan mai ba da labari suna a 1961, ya ce wanda ba abin dogaro ba ne. Amma mu da muka tashi muna jin malamai suna tantance masu ruwaya kafin su karɓi ruwaya ba baƙi ba ne ga tunanin: ana duban wanda ya faɗa, da yadda ya ji, da abin da zai samu idan aka yarda da shi.

Abin da na fi so ki kula da shi shi ne cewa tarihin baya kashi uku ne, kuma mai karatu ba ya janye yardarsa daga ukun gaba ɗaya. Akwai aukuwar kanta, wato Lantana ta tafi, Sani ya zauna. Akwai dalilin aukuwar. Akwai kuma hukuncin da mai ba da labarin ya ɗora a kai, kamar kiran ta marar imani. Idan aka kama Inna Dije da ƙarya, hukuncin ne yake fara rushewa, dalilin ya bi shi, amma aukuwar tana nan daram. Saboda haka ki bar ta ta faɗi gaskiya a kan manyan abubuwan da kowa ya gani, ta karkace a kan dalili, ta kuma yi shiru a kan nata hannun a ciki. Idan kika sa ta yi ƙarya a kan komai, har mai karatu ya fara shakkar ko an taɓa yin Lantana, to ya rasa ƙasar da zai taka, kuma wanda bai yarda da komai ba ba ya tausaya wa kowa.

Yanzu ga yadda za a kama ta ba tare da kin fito kin nuna ta da yatsa ba. An ƙirƙiro jihar Zamfara a ranar 1 ga Oktoba, 1996, kuma duk mai karatu ɗan wannan yanki ya san shekarar. A babi na bakwai, a ce, Sani yana cike takardar neman aiki, sai ya rubuta an haife shi a 1992. Mai lura zai tsaya ya lissafa: ɗan shekara huɗu an daɗe da yaye shi, to ina jaririn da yake shan nono? Ƙaramar ɓaraka ce, amma daga ita zai koma baya ya sake auna kowace magana. Sai ya lura cewa zancen direba da "an ce" aka fara shi, ba da "na gani" ba, kuma ba a taɓa faɗin wanda ya ce ba. Sai ya lura cewa babu wanda ya zarge ta da komai a lokacin da ta yi saurin cewa ba ta taɓa tanka wa Lantana ba. Idan kika ƙara da shaidar da ba ta magana, kamar turmin atamfa da 'yan kuɗin da suke zuwa daga Talata Mafara kowace sallah, waɗanda Dije take ambata a gurguje tana cewa wata 'yar'uwa ce take aikowa, to mai karatu zai gina tarihi na biyu a ransa, ya riƙe shi da ƙarfi fiye da wanda aka ba shi, domin shi ya haƙo shi da hannunsa.

Ki kuma yanke shawara tun kafin ki ci gaba, shin Dije ta san ƙarya take yi, ko kuwa ta shekara ashirin tana maimaita labarin har ita ma ta yarda da shi? A ganina ta biyun ta fi daɗin karatu nesa ba kusa ba, saboda mai karatu zai daina gaskata ta amma ba zai iya tsanar ta ba, tunda rainon Sani da ta yi gaskiya ne.

Hatsarin wannan hanya shi ne a ɗauki ɓarakar a matsayin kuskurenki. Saɓani ɗaya tal a kan shekara kowa zai ce marubuciya ce ta manta, musamman ga masu bin labari babi-babi a waya, waɗanda makonni suke shiga tsakanin shafin farko da na bakwai. Maganinsa shi ne saɓanin ya kai uku ko fiye, duka kuma su karkata gefe guda, wato gefen da yake wanke Dije, domin mantuwa ba ta zaɓen wanda za ta amfanar. Wani kuskuren shi ne a ɓoye komai sai a shafin ƙarshe Lantana ta bayyana ta zazzage gaskiya, wanda zai sa mai karatu ya ji marubuciyar ce ta yaudare shi, ba Dije ba.

Kafin ki fitar da littafin, ki rubuta ainihin tarihin Lantana a takarda daban, da shekarunsa a jere, ki ajiye a gefenki. Sannan ki ba mutum biyu babi bakwai na farko ba tare da wani bayani ba, ki tambaye su me ya fitar da Lantana daga gidan. Idan dukansu suka ce direba ne, alamunki sun yi zurfi da yawa, sai ki matso da zancen atamfar sallah zuwa babi na uku. Idan kuwa suka ce tun shafin farko suka gane Dije, to ki rage mata kare kai, ki ƙara mata wurin da za a gan ta tana jinyar Sani da daddare.