Hattara da masu tallan "shirya hujja" ga waɗanda ake zagi ta waya

Jama'a, wasu 'yan damfara sun samu kasuwa a jikin mutanen da ake zagi ko ake yi wa barazana ta waya. Da mutum ya koka a fili cewa wani ya addabe shi da saƙonni, sai su biyo shi ta bayan fage, wai su ƙwararru ne, za su tattara masa hotunan allo su mayar da su takardar da ɗan sanda ko lauya ba zai iya turewa ba.

Kuɗin da suke karɓa shi ne ƙaramar asarar. A ce mace ce tsohon mijinta ke aiko mata ashar da barazana a WhatsApp. Mai "taimakon" zai ce hotunan da ta ɗauka ba su isa ba, sai ya ciro saƙonnin daga tushe, don haka ta karanto masa lambobi 6 da za su shigo mata yanzu. Waɗannan lambobi su ne mabuɗin rajistar asusunta, da ta ba shi an fitar da ita, shi ya shiga. Wani kuma lambar haɗawa zai ba ta ta saka a Linked devices, wato wurin haɗa WhatsApp da wata na'ura, ya zauna yana karanta hirarta ba ta sani ba. Daga baya a fara yi mata ciniki da sirrinta. Ta gudu daga ruwa ta faɗa wuta.

Wanda bai saci asusun ba ma yana iya kashe hujjar. Zai yanke hotunan, ya haɗa su shafi guda da jan layi da kibiyoyi, ya cire amsoshinta wai don kada su ɓata mata suna, ya buga wani hatimi na ƙarya, sannan ya ce ta goge hirar tunda ga ta a takarda. Lauyan ɗaya ɓangaren abin da yake jira ke nan. Zai ce an taɓa hoton, a kawo wayar, kuma babu komai a cikinta. Hatimin ɗan kasuwa ba ya mayar da hoto hujja. Ƙarfin hoton yana ga saƙon asali da ke nan a waya.

Alhali aikin nan da hannunki za ki yi shi, ko da hannunka. Kada a goge komai, kuma a duba ko an kunna Disappearing messages, domin yana share saƙo bayan awa 24, kwana 7 ko kwana 90. A ɗauki hoton allo cikakke, kowane hoto ya maimaita layin ƙarshe na wanda ya gabace shi, don a ga ba a tsallake komai ba. A nan ne da yawa ke tuntuɓe: saƙon da aka ɗauka ranar da ya zo, Today kawai za a gani a samansa, bayan wata uku ba mai sanin wace rana ce. To a rubuta ranar nan take, bayan mako guda kuma a sake ɗauka idan cikakken kwanan wata ya fito. Sunan da aka ajiye mutum da shi ma ba ya nuna ko wane ne, ko da "Azzalumi" aka sa masa, sai a buɗe shafin bayanansa a ɗauki lambar wayar.

Sai a buɗe hirar, a wayar Android a danna ɗigo uku na sama, a shiga More, a danna Export chat. Zai fitar da hirar a rubuce, kowane saƙo da ranarsa da lokacinsa. A kan wannan ake gina jadawali: lamba, rana, lokaci, wanda ya aiko, abin da ya faɗa harafi da harafi, da sunan hoton. Misali, na 7, 12 ga Maris, 9:41 na dare, daga lamba kaza, "zan zo har inda kike aiki", hoto na 7. Kalamansa a bar su yadda suke, duk muninsu, har da kuskuren rubutunsa. Saƙon murya a rubuta tsawonsa a ajiye shi. Amsoshin da aka mayar cikin fushi su ma su zauna, gara lauya ya gan su tun farko da a fito masa da su a kotu. In za a tura masa hotunan, a tura su a matsayin Document, don kada a matse su a sauya musu suna, a kuma ajiye kwafi a wani wuri daban.

Wanda ya riga ya ba da lambobin, ya sake rajistar lambarsa a WhatsApp yanzu, hakan zai fitar da ɓarawon. Ya duba Linked devices ya cire duk na'urar da bai sani ba, ya kunna Two-step verification. Idan sun fara neman kuɗin rufe baki kada ya biya, ya buɗe musu nasu jadawalin, har da lambar asusun bankin da suka ce a tura kuɗin, ya haɗa da na farko ya kai wa 'yan sanda.