Sharhi: yadda kamfanin karɓar kuɗi ta kati ya yi da ni da aka janye mini kuɗin riga

Kamfanin da nake karɓar kuɗin kati ta hannunsa bai taɓa ba ni matsala wajen biya ba. Mai saye ya biya yau, kuɗi su sauka asusuna a lokacin da suka faɗa. Amma ba a sanin halin irin waɗannan kamfanoni sai ranar da mai saye ya je bankinsa ya ce a maido masa da kuɗinsa, kuma a kan wannan ranar zan yi magana.

Sana'ata sayar da manyan riguna masu aikin hannu, waɗanda ake yi mana a cikin birnin Zariya, shagona kuma yana Tudun Wada. Wani bawan Allah mazaunin Ingila ya sayi babbar riga mai aska takwas a kan ₦185,000, har da kuɗin aikawa, ya biya da katin Visa. Bayan an wuce wata biyu, na riga na sallami mai aiki, sai ga saƙon imel mai kan magana `Chargeback`, wato mai saye ya sa bankinsa ya janye kuɗin da ya biya. Na duba asusuna na kamfanin na tarar an cire ₦185,000, an kuma ƙara cire ₦12,000 da sunan kuɗin ƙorafi. Ba wanda ya ji ta bakina tukuna.

Na kira su raina a ɓace. Yarinyar da ta ɗauka ta bari na gama faɗa, sannan ta ce: "Alhaji, ku yi haƙuri, kuɗin nan ba a hannunmu suke ba. Mu ma an riga an cire mana." Gaskiya ta faɗa, kuma nan ne yawancinmu 'yan kasuwa ba mu gane ba. Mai kati ba wurin kamfanin yake kai ƙara ba, wurin bankin da ya ba shi katin yake kaiwa. Idan bankin ya karɓi ƙorafin, sai ya tura shi ta hanyar Visa ko Mastercard, a cire kuɗin daga bankin da ke karɓa a madadin ɗan kasuwa, galibi kuma a zuba wa mai katin su na wucin gadi. Kamfanin da ke tsakani ya ga an yi masa giɓi, sai ya juyo kaina, tunda ni na ci kuɗin. In ya bar mini su har a gama shari'a, ya zama ya ba ni bashi ba jingina, ni kuwa ina iya rufe shago gobe. Da asusun nawa ba komai a ciki, daga cinikin da zai shigo nan gaba za su riƙa yanka har ya cika. Wannan duk yana cikin yarjejeniyar da muke danna amincewa da ita ranar rajista.

Kuɗin ƙorafin kuwa ba tara ba ne a kan laifi, ladan bin takardu ne, don su ma ana cajinsu a kan kowace ƙara da aka buɗe. Shi ya sa ko ka yi nasara, kamfanoni da yawa ba sa maido shi. Yawansa ya danganta da kamfani da irin katin. Dalilin jinkirin ma akwai shi: a ƙa'idar Visa, mai kati yana da kwana 120 a yawancin irin waɗannan ƙorafe-ƙorafe. Wato cinikin kati bai zama naka gaba ɗaya ba don kawai kuɗi sun shigo.

Abin da ya fi amfani a shafin nasu shi ne lambar dalili. Tawa `13.1` ce, ma'ana mai saye ya ce kaya ba su iso ba. Amsarka dole ta tsaya kan abin da aka tuhume ka da shi. Da `10.4` ce, wato ya ce ba shi ya yi amfani da katin ba, da shaidar cewa bankinsa ya tantance shi lokacin biya, ta lambar sirri da ake turowa waya ko makamancinta, ita ce za ta cece ni, don a nan alhaki yakan koma kan bankin. A ƙarar rashin isowar kaya wannan shaidar ba ta tsinana komai. Tambaya ɗaya ce: kayan sun je ko ba su je ba?

Sai na haɗa takardar oda mai ɗauke da adireshin da shi da kansa ya rubuta, da rasidin kamfanin aika kaya mai lambar bibiya, da takardar isarwa da ke nuna rana da sa hannun wanda ya karɓa a wannan adireshin. Sannan hirarmu ta WhatsApp, inda bayan ranar isarwar ya rubuto: "Malam, riga ta iso, aiki ya yi kyau, sai dai hular ta ɗan matse." Na ɗauki hoton allon yadda lambarsa da kwanan wata za su fito, na rubuta fassarar Turanci a ƙasa, don ma'aikacin banki a Ingila ne zai karanta, ba ɗan Ƙofar Doka ba. Saƙon murya da ya turo bai shiga ba, shafin hoto da takarda kawai yake karɓa. Duka na zuba su a fayil ɗaya, a sama na rubuta layi huɗu: ranar oda, ranar aikawa, ranar karɓa, ranar da ya amsa da bakinsa. Ban sa labarin wahalar da mai aiki ya sha ba, ba wanda zai karanta shi.

A nan ne nake tausaya wa masu ba direba saƙo a tashar Kwangila. Ka ba shi ƙulli, ya ba ka lambar waya, ya isa Legas ya miƙa wa wani yaro a bakin tasha. In mai saye ya musa, ba ka da ko ƙyallen takarda. Ni yanzu duk wanda ya biya da kati, kayansa ta hanyar da ake sa hannu suke tafiya, ko da ta fi tsada.

Wani tarko kuma: mutumin ya kira ni a tsakiyar maganar, ya ce ai kuskure ne, matarsa ce ta ga sunan da ba ta sani ba a bayanan asusu, don sunan rajistata ne ke fitowa ba sunan shago ba. Ban ja da shi ba, duk da labarin bai yi daidai da ƙarar da aka shigar ba. Na dai ce ya je bankinsa ya janye, ya turo mini shaidar janyewa. Kuma ban fasa tura hujjojina ba, don in wa'adi ya wuce ba amsa, an ɗauka ka amince ke nan. Haka nan kada ka tura wa mai saye kuɗi ta gefe wai don a sasanta alhali ƙara na buɗe. Sai ka biya sau biyu.

Hukunci ba na kamfanin ba ne, bankin mai katin ne ke dubawa, shi ya sa kiran su kullum ba ya ƙara sauri. An ɗauki makonni kafin ₦185,000 su dawo. ₦12,000 ba su dawo ba.

Abin da na yaba: shafin ya nuna dalili da wa'adi ƙarara, kuma ma'aikaciyar ta yi bayani ba tare da raina mini hankali ba. Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne sanarwar. Magana mai wa'adi na 'yan kwanaki, a ce imel kaɗai za a turo wa mutumin da ke wuni tsakanin shago da gidajen masu aiki, ba saƙon waya ba kira? Kuɗin ƙorafin ma a can ƙasan shafin farashi suka ajiye shi. Zan ci gaba da aiki da su, don mai saye daga waje ba shi da hanya mai sauƙi kamar kati, amma na sa sun canza sunan da ke fitowa a bayanan asusu zuwa na shago, kuma a cinikin kati nakan bar wani abu a gefe har wata huɗu su wuce.