Baiti ɗaya na riƙe: in sayi manhaja ko in nema a Google?

Wani ya yi tambaya: "Jama'a, na ji wata waƙa a bas daga Kawo zuwa Kasuwa, baiti ɗaya kawai na riƙe. In sayi manhajar gane waƙa ne, ko in rubuta shi a Google?"

Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka. Na taɓa biyan irin manhajar nan na yi da-na-sani, domin tawa sai waƙar tana tashi take aiki, kai kuwa bas ɗinka ta wuce.

Google ne ya share min hawaye. Wata waƙa na ji a bikin ƙanwata a Tudun Wada, ta hana ni sukuni har mako biyu. Abin da kunnena ya kama shi ne "ƙaunarki ta raka ni har bakin rafi". Na rubuta shi duka tsakanin alamun zance, waɗanda ke tilasta wa Google ya kawo kalmomin a jere yadda aka rubuta su. Bai kawo komai ba. Ka riƙa duba saman shafi: idan bai samu ba, yakan faɗa, sannan ya zubo sakamakon da ya cire wa alamun, kai kana zaton naka ne.

Dogon baiti shi ne matsalar, kalma ɗaya ta kuskure komai ya rushe. Sai na rage shi, na sa tauraro a inda nake shakka:

```
"har bakin *" waka hausa
```

Tauraro yana maye gurbin kalma sukutum ne, ba rabin kalma ba. Wannan ya kawo tarkace da yawa, amma a ciki na hango "bakin kogi". Ashe ni na mayar da kogi rafi, ma'anar na riƙe, kalmar ta suɓuce min.

Saura rubutu, wanda nan ne Hausa ke wahalar da mutum. Masu ɗora waƙoƙi ba su cika sa ƙ da ɗ ba: wani ya rubuta kauna, wani qauna, wani ya haɗe "raka ni" ya zama "rakani". Sai na ba shi zaɓi da `OR`, wanda dole ya kasance da manyan baƙaƙe:

```
"rakani har bakin kogi" OR "raka ni har bakin kogi"
```

A ƙarƙashin wani bidiyon YouTube ta fito, ranar har na kira ƙanwata na kunna mata a waya. Baitocin waƙoƙinmu da yawa ba a rubuce suke ba, don haka ka fi dogara da amshi, shi ne ke yawan zama sunan waƙa.

Ka kuma kula da wasu masu turin waƙoƙi. Kana rera musu baiti za su ce akwai ta, su cika maka waya da wasu daban, su karɓi kuɗi. Kada ka biya sai an kunna ka ji baitinka da kunnenka.

Fara da kalma uku ko huɗu da ka tabbatar, cikin alamun zance. In ta ƙi, turo baitin a nan mu taya ka canza kalmomin.